Naƙudar karya: abin da mai kare a Kusa ya kamata ya gani kafin dare ya yi

Mafi yawan karnukan da ke gidajen mafarauta da rugagen makiyaya da bakin gonaki a Kusa da Magama da sauran ƙauyukan Jibiya suna haihuwa ba tare da kowa ya sa musu hannu ba. Karya ta haƙa raminta a gindin rumbu ko bayan danga, gari ya waye a ji kukan kwiyakwiyi, shi ke nan. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa haihuwar kare ba ta da wata matsala. Amma wadda haihuwar ta zo mata a karkace, mutuwa take yi a hankali cikin ramin, sau da yawa a gaban mai ita, yana kallo yana cewa a ƙara ba ta lokaci. Ga mafarauci da ya yi shekara biyu yana horon karya, ko makiyayin da ita ce ke sanar da shi motsin dare, wannan asara ce ta gaske, ban da hakkin rai da ke wuyan duk wanda ya ajiye dabba.

Littattafan likitancin dabbobi suna cewa idan kaza ya faru a garzaya asibiti cikin rabin awa. An rubuta su ne domin mutumin da asibiti ke bayan layinsa. Daga Jibiya zuwa birnin Katsina kimanin kilomita 45 ne, hanya ce mai shingayen bincike da yawa, kuma halin tsaron da yankin ke ciki ya sa ba kowa ke yarda ya bi ta bayan magariba ba. Ta ɗaya ɓangaren akwai Ɗan Isa da Maraɗi, amma iyaka ce tsakani, ga tambayar takardun dabba. Malaman dabbobi da ke kusa kuwa aikinsu na yau da kullum shanu ne da awaki da tumaki, ba kowannensu ke da kayan yi wa karya tiyata ba. Saboda haka a ganina mai kare a wannan yanki yana buƙatar ya san alamun da suke ba shi tazarar yini guda, domin ya yi shirinsa da rana. Wanda ya jira alamun ƙarshe, yawanci ƙarfe biyun dare zai gan su.

Lissafin yana farawa ne daga ranar barbara. Cikin karya kwana 63 ne idan an ƙirga daga ranar da ƙwai ya fito, amma mai kare ba ya ganin wannan ranar, abin da yake gani shi ne ranar da namiji ya hau ta. Maniyyin kare yana iya yin kwanaki da rai a cikin mahaifa yana jiran ƙwai, shi ya sa idan aka ƙirga daga barbara haihuwa takan faɗo tsakanin kwana 58 da 68. Karyar da ke yawo a gari takan sadu da maza fiye da ɗaya cikin mako guda, don haka a rubuta ranar farko da aka gani da ranar ƙarshe, ko da gawayi ne a jikin bango. Idan kwana 68 ya cika daga barbarar ƙarshe babu alamar naƙuda, wannan kaɗai ya isa dalilin neman likita. Wani abin da kan jawo haka shi ne ciki mai ɗa ɗaya tak: ɗan yakan girma fiye da kima, kuma shi kaɗai ba ya isa ya tayar da naƙuda yadda ya kamata. Akwai kuma cikin ƙarya, inda karya za ta yi nono har ta haƙa rami alhali babu komai a mahaifarta. Na'urar duba ciki tana raba gardama tun daga wajen kwana 25, hoton ƙashi kuma yana ƙirga 'ya'yan idan an wuce kwana 50, ga wanda ya samu hali ya kai ta birni.

Alamun makon ƙarshe kowa ya san su, sai dai ba sa faɗin rana. Ciki yakan sauka, gaban karyar ya kumbura ya yi laushi, wani lokaci a ga majina fara mai yauƙi marar wari. Nono shi ne abin da mutane suka fi dogara da shi, kuma shi ne ya fi yaudara. Wata karyar takan kawo ruwan nono mako guda kafin haihuwa, wata kuwa, musamman mai cikin fari, sai ɗan farko ya faɗo.

Alamar da ta fi kowace amfani ba a ganin ta da ido. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Sinadarin da ke riƙe ciki, wanda likitoci ke kira firojestaron, yana faɗuwa warwas idan haihuwa ta gabato, kuma idan ya faɗi zafin jiki yakan bi shi ƙasa da kimanin digiri ɗaya, ya sauka wajen 37 ko ƙasa da haka kaɗan. Daga wannan saukar zuwa fara naƙuda yawanci bai wuce awa 24 ba. Ma'aunin zafin jiki mai batir, irin wanda ake sayarwa a kemis domin yara, shi ne kayan aikin. A shafa wa bakinsa man basilin, wani ya riƙe kan karyar yana lallashinta, a ɗaga wutsiya a zura shi cikin dubura kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya, a ɗan jingina shi ga bangon hanji don kada ya nutse cikin kashi, a jira ya yi ƙara. A wanke shi da sabulu, a ware shi domin kare kaɗai.

Abin da ke ɓata wannan dabara shi ne awo ɗaya a rana. Saukar zafin ba ta daɗewa, takan yi awoyi kaɗan sannan ya koma inda yake, saboda haka wanda ya auna da safe kawai yana iya kuskure ta gaba ɗaya. A fara tun daga kwana 55, sau uku a rana, kuma lokutan salla sun dace da wannan sosai: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. A rubuta kowane awo, domin abin da ake nema shi ne bambanci da zafin da ita wannan karyar ta saba da shi. A bazara, lokacin da zafin Afrilu ke kai digiri 40 a inuwa, kada a auna ta tana dawowa daga rana tana haki. A bar ta ta huta a inuwa tukuna. Akwai karyar da ba za a kama saukar zafinta ba duk da an yi ƙoƙari, don haka rashin ganin ta ba ya soke sauran alamu.

Ranar da awo ya nuna 37, ranar ce ta kiran farko. Ba a kira don an shiga matsala, ana kira ne don a ji ko likitan yana gari, ko yana amsa waya da dare, ko yana yin tiyatar kare ko kuwa zai tura ka wurin wani, da abin da kuɗin zai kama. A ranar ne kuma ake magana da mai mota ko mai babur, a sa caji a waya, a sayi batirin tocila. Mutanen Jibiya ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina har da tasu, kuma ko yanzu sabis yakan ɗauke a wasu ƙauyuka. Tun ran gini ran zane.

Bayan saukar zafi sai matakin farko na naƙuda, lokacin da bakin mahaifa ke buɗewa. Daga waje ba a ganin yunƙuri. Abin da ake gani shi ne karya ta kasa zama wuri ɗaya, ta kwanta ta tashi, ta yi ta tonon ƙasa, tana haki ko da babu zafi, jikinta na ɓari, tana waiwayen bayanta tana lasa. Ta ƙi abinci, wataƙila ta yi amai sau ɗaya ko biyu. Wannan yakan ɗauki awa 6 zuwa 12, mai cikin fari tana iya kai awa 24. Babban taimakon da za a yi mata a nan shi ne a kore yara da sauran karnuka. Tsoro yana tsayar da naƙuda cak, kuma karyar da aka kewaye ana leƙe takan riƙe haihuwarta. Mutum ɗaya da ta saba da shi ya isa, ya zauna nesa kaɗan da agogo. Ina ba da shawarar tun mako guda kafin lokaci a saba mata da wani lungu mai inuwa da ake iya kai hannu, a shimfiɗa buhu da tsummoki masu tsabta, domin idan ta shige can cikin rami ƙarƙashin rumbu babu wanda zai ga abin da ke faruwa, balle ya ciro ta.

Mataki na biyu ba ya ɓuya. Ciki yana ɗaurewa yana saki, karyar tana nishi tana yunƙuri kamar mai kashi mai tauri, faya ta fashe ruwa ya zubo, ko a ga wata jaka mai sheƙi ta leƙo. Daga nan agogo ne ke aiki. Yunƙuri mai ƙarfi, a jere, ya kamata ya fito da ɗa cikin minti 20 zuwa 30. Idan rabin awa ta wuce tana dagewa babu abin da ya fito, hanya ta toshe ke nan har sai an tabbatar da akasin haka. Idan kuma yunƙurin mai rauni ne, jefi-jefi, aka yi awa 2 babu ɗa, mahaifar ce ta gaza. Tsakanin ɗa da ɗa yawanci rabin awa ne zuwa awa ɗaya. Karya tana iya hutawa a tsakiya, ta kwanta tana lasar waɗanda suka fito suna shan nono, kuma hutun awa 2 cikin natsuwa ba abin tsoro ba ne. A birni akan ce a jira har awa 4. A Kusa, inda hanya kaɗai za ta ci awa ɗaya ko fiye, ni a awa 2 nake cewa a ɗaga waya idan ana jin sauran 'ya'ya a ciki.

Launin ruwan da ke fitowa shi ma magana yake yi, kuma a nan ne mutane suka fi rikicewa. Gefen mabiyiyar kare yana da wani launi kore mai duhu. Idan an ga koren ruwa bayan ɗan farko ya fito, daidai ne, na mabiyiyarsa ne. Idan kuwa koren ya zubo tun ba a haifi ko ɗaya ba, ma'anarsa mabiyiyar wani ɗa ta rabu da bangon mahaifa, iskar da yake samu daga uwa ta yanke, kuma lokacinsa ƙanƙane ne. Wannan kira ne na nan take. Haka jini ja mai zuba ba tsayawa, ko ruwa mai ɗoyi, ko karya ta yi laƙwas dasashinta ya yi fari. Wani abin da ke tsorata mutane a banza shi ne ɗa ya zo da ƙafafun baya. Kusan 4 cikin 10 na kwiyakwiyi haka suke zuwa, kuma lafiya lau suke fita muddin ƙafafun a miƙe suke. Matsala tana zuwa ne idan wutsiya kaɗai ta leƙo ƙafafu sun lanƙwashe ciki, ko ɗan ya gicciye.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani mafarauci a Kusa yana da karya 'yar shekara biyu, cikin fari, ya ga barbararta ranar 10 ga Nuwamba. Kwana 63 zai faɗa 12 ga Janairu, tsakiyar hunturu. Ya fara awo ranar 4 ga Janairu, kullum yana samun tsakanin 38.2 da 38.6. Ranar 11 ga wata bayan asuba 38.1, bayan azahar 37.0. Ya kira malamin dabbobi, suka yi magana, ya kuma ajiye mai mota. Da isha'i ta ƙi abinci, ta kwana tana tono da haki. Ƙarfe 6 na safe ta fara yunƙuri, 6:25 ɗan farko ya faɗo, 7:10 na biyu, ƙarfe 8 na uku, kowanne da mabiyiyarsa. Sai ta kwanta ta huta. Ƙarfe 9:15 ta koma yunƙuri da ƙarfi, har 9:45 babu komai, tana ƙara idan ta dage. Ya wanke hannu, ya sa safar hannu, ya shafa mai a yatsa ɗaya ya taɓa a hankali, ya ji wutsiya babu ƙafa. Kiran da ya dace ya yi ke nan:

"Likita, barka da aiki, ni ne mai karyar jiya. Ta haifi uku, na ƙarshe ƙarfe takwas, mabiyiya uku duk sun fito. Rabin awa ke nan tana yunƙuri da ƙarfi babu komai. Na taɓa na ji wutsiya kaɗai. Ruwan kore ne, ba wari, jini kaɗan. Tana iya tsayawa."

"To Malam, kada ka ja, kada kuma ka bari a yi mata allura. Ka sa 'ya'yan a kwali ka rufe su da zane, ku taho da su duka yanzu."

Wannan bayani na rabin minti ya ba likitan duk abin da yake buƙata don ya shirya kafin su iso, kuma saboda awon da aka yi jiya da rana, tafiyar ta faɗo da hantsi, mota na jira. Da mafaraucin bai auna ba, da naƙudar ta zo masa ba shiri, kuma da alamu sun nuna yunƙurin zai fara da tsakar dare, shawarar da zai yanke ta fi wuya: ko ya kai ta kusa da likita tun la'asar ta kwana can, ko ya zauna da waya a hannu. Ga karyar da aka san tana cikin haɗari, ta farkon ita ce daidai. Masu irin wannan haɗari su ne wadda babur ko mota ta taɓa bugewa a ƙugu, domin ƙashin yakan haɗe a karkace ya ƙuntata hanya. Da ƙaramar karyar gida da babban karen turawa irin na gadi ya hau. Da wadda ta taɓa shan wahala a haihuwar baya. Da mai tsiro ja mai zubar da jini a gabanta, ciwon da karnuka masu yawo ke ɗauka wajen barbara, wanda kan iya tare hanya.

Maganar allura da likitan ya yi tana buƙatar tsayawa, domin a nan ne ake kashe karnuka da niyyar taimako. Allurar naƙuda, wato oksitosin, tana samuwa a wurin masu sayar da maganin dabbobi, kuma makiyaya sun san ta a kan shanu da awaki. Aikinta shi ne ta matse mahaifa. Idan hanya a buɗe take mahaifa ce kawai ta gaji, ƙaramin awo a hannun likita yana taimakawa, sau da yawa tare da kalsiyam. Idan kuwa ɗa ya tokare, matsewar za ta yanke wa sauran 'ya'yan jini, ta ɓamɓare mabiyiyoyinsu, ko ta fasa mahaifar gaba ɗaya, karyar ta mutu da zubar jini a ciki. Mai kallo daga waje ba zai iya bambance gajiya da toshewa da tabbaci ba, sai an duba. Awon da ake yi wa saniya kuma ya ninka na kare sau da yawa. Haka nan magungunan ciwo na mutane, ibufurofen da daikulofenak, suna huda cikin kare su lalata ƙodarsa. Ɗura mata jiƙo ko man gyaɗa tana cikin haki yana iya shiga huhu.

Akwai abin da mai kare zai iya yi da hannunsa. Idan rabin jikin ɗa ya riga ya fito ya maƙale, a kama jikin da tsumma mai tsabta, ba ƙafa ɗaya ko wutsiya ba, a ja a hankali zuwa ƙasa wajen ƙafafun uwar, daidai lokacin da take yunƙuri. In bai motsa ba a bari. Idan ɗa ya faɗo cikin jakarsa uwar ba ta yaga ba cikin minti ɗaya, a yaga ta fuska, a share hanci da baki, a riƙe shi kansa na kallon ƙasa kaɗan, a goge bayansa da tsumma da ɗan ƙarfi har ya yi kuka. Kada a wujijjiga shi a iska, yana ji wa ƙwaƙwalwa rauni. Cibiya a ɗaure da zare kamar faɗin yatsu biyu daga ciki, a yanke gaba da ɗaurin da sabuwar reza, a shafa aidin. A sa safar hannu ko leda duk lokacin da za a taɓa ruwan haihuwa, domin akwai ciwon ɓari na karnuka da ke kama mutum. Karyar da ba a yi wa rigakafin haukan kare ba kuma a yi hattara da bakinta, ko mai sanyin hali takan yi cizo cikin zafin ciwo. Duk wanda ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 ya tafi asibiti.

Fitowar ɗan ƙarshe ba ta rufe aiki. A ƙirga mabiyiyoyi su yi daidai da yawan 'ya'ya, ko da yake uwar takan cinye wasu kafin a gani. Kowane ɗa ya kama nono a yinin farko, domin dakashi a cikin awa 24 na farko ne hanjinsa ke iya karɓar kariyar da ke ciki. Kwikwiyo sabon haihuwa ba ya iya ɗumama kansa, kuma iskar asubahin Janairu a Jibiya ta isa ta kashe wanda ya gangara nesa da uwa, don haka a tare lungun da zana ko buhu. Uwar za ta ci gaba da zubar da ruwa mai duhu marar wari har mako uku ko fiye, yana raguwa. Idan ya koma ɗoyi, zafinta ya haura 39.5, ta daina cin abinci ta yi watsi da 'ya'yan, mahaifa ta kamu, wataƙila mabiyiya ko mataccen ɗa ya rage a ciki. Nono ɗaya ya yi tauri ya yi zafi ya canja launi, shi ma na likita ne a ranar. Na ƙarshe kuma shi ne wanda ake yawan ɗauka hauka ne ko sammu: cikin mako na ɗaya zuwa na huɗu na shayarwa, karya mai 'ya'ya da yawa ta fara haki da rashin natsuwa, ƙafafunta su sandare, jiki na karkarwa, har ta faɗi tana shure-shure. Kalsiyam ɗin jininta ne nono ya janye. A cire 'ya'yan daga nono nan take, a kai ta wurin likita ya yi mata allurar kalsiyam ta jijiya a hankali, yawanci takan farfaɗo cikin mintoci, amma idan aka bar ta awoyi kaɗan sun isa ta mutu.